Tokar gobara shaida ce, kada a yi gaggawar share ta

Ban daɗe da dawowa daga sallar asuba ba, a wata safiya ta tsakiyar hunturu, sai wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce, muryarta tana rawa, ta ce da ni shagon Yaya ya ƙone cikin dare. Na yi salati na tambaye ta ko an yi asarar rai, ta ce Allah Ya kiyaye. Abu na biyu da na ce mata shi ne ta gaya wa Yaya kada ya bari a taɓa komai sai na zo. Daga baya ta faɗa mini cewa maganar ta ba ta mamaki, domin ta zaci jaje zan fara yi. Amma na shafe shekaru ina aikin kwana-kwana kafin in yi ritaya, kuma na sha ganin yadda awa biyu na farko bayan an kashe wuta ke janyo wa mai shago asara ta biyu, wadda ba wuta ce ta yi ta ba, masoyansa ne suka yi ta da kyakkyawar niyya.

Shagon na tireda ne, a jerin shaguna na bakin titi. Tsawonsa bai wuce mita 4 ba, faɗinsa mita 3, da ƙofar ƙarfe a gaba da wata ƙaramar kafar shan iska a saman bangon baya. Akwai kantoci na katako hagu da dama, da firiza a kusurwar baya ta hannun dama, da ƙaramin firji kusa da ita. A waje, daf da ƙofa, wani mai shayi ya shekara uku yana kafa teburinsa.

Da na iso wajen ƙarfe bakwai, na tarar da abin da nake tsoro. Samarin unguwa, Allah Ya saka masu da alheri, sun shigo da shebur da baro, har sun kwashe tarkacen rabin shagon na gaba sun zubar a bola. Wasu 'yan gwangwan biyu suna tsaye suna taya ƙonanniyar firiza. Can gefe kuma mutane sun kewaye mai shayi ana ta ɗaga murya, domin an riga an yanke hukunci cewa wutar murhunsa ce ta kama ƙofa ta shiga ciki. Hujjarsu a bayyane take: bakin ƙofa ne ya fi ko'ina ƙonewa, kuma teburinsa ya babbake.

Na ja yayana gefe na ce: “Yaya, ka yi haƙuri, Allah Ya mayar da alheri. Amma ka tsayar da yaran nan yanzu, ka sallami masu sayen ƙarfe, a bar mutumin nan ya tafi gida.” Ya dube ni da idanun da ba su yi barci ba ya ce: “Kai kuwa me ya rage a cikin toka da za a tsare?” Na ce masa abin da ya rage shi ne shaidar da za ta faɗi inda wutar ta tashi da yawan abin da ya yi asara, kuma ba shi da wata shaidar sai ita.

Muka samo igiya muka zagaye shagon har da teburin mai shayi, muka sa mutum ɗaya ya zauna gadi, aka ce kowa ya shiga a rubuta sunansa da lokacin da ya shiga. Na tabbatar an cire wutar jerin shagunan daga mita, domin jiƙaƙƙen tarkace da waya mai wuta kan kashe mutum bayan gobara ta lafa. Sannan na ɗauki hotuna da wayata ba tare da na taka ciki ba: ginin daga nesa ta kowace fuska, sannan ƙofa, sannan kowane bango daga bakin ƙofa, sannan tulin da aka zubar a bola. Kafin ƙarfe tara Yaya ya sanar da kamfanin takaful ɗin da ya yi wa kayansa inshora, wadda banki ya wajabta masa lokacin da ya karɓi jari, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin kashe gobara. Ni kaina ban ɗaga ko tsinke ba. Ɗan'uwan mai shago ne ni, duk abin da na tono da hannuna za a iya cewa ni na ajiye shi. Na jira jami'in hukumar kashe gobara da mai tantance asara na kamfanin inshora suka zo, na tsaya ina kallo.

Mai binciken gobara yana amsa tambayoyi biyu ne a jere: ina wutar ta fara, sannan me ya tayar da ita. Ba a tsallake ta farko a faɗa ta biyu. Wanda ya ce “lantarki ne” ko “mai shayi ne” alhali bai nuna gurbin da wutar ta fara ba, zato yake yi. Shi ya sa ake fara dubawa daga waje zuwa ciki, daga inda ɓarna ta fi sauƙi zuwa inda ta fi tsanani, ana bin sawun wutar a baibai har a kai tushenta.

Teburin mai shayi ne ya fara magana. Gefensa da ke kallon ƙofar shago ya zama gawayi, amma gefen da ke kallon titi ko fentinsa bai tashi ba. Ƙarƙashin teburin, inda yake ajiye ƙaramar tukunyar gas ɗinsa, bai ƙone ba, kuma makunnin tukunyar a rufe yake. Katako yana ƙonewa ne ta fuskar da zafi ya zo masa. Da a ce wutar daga murhunsa ta tashi, da an ga ƙuna mafi zurfi a kewayen murhun, tana raguwa yayin da ake nufar ƙofa. Abin da muka gani akasin haka ne: wuta ce ta fito daga shago ta lashi teburin.

To me ya sa bakin ƙofa ya fi ko'ina ƙonewa? A nan ne mafi yawan mutane, har da wasu ma'aikatanmu, suke yin kuskure. Wuta a rufaffen ɗaki tana da matakai. Da farko tana cin abu guda, hayaƙi mai zafi yana hawa ya taru a ƙarƙashin silin, yana ƙara kauri yana saukowa. Idan zafin wannan hayaƙi ya kai kimanin digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyos, sai ya gasa duk abin da ke ƙasa, ɗakin ya kama baki ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga wannan lokaci abin ci ya yi wa wuta yawa, iska ce ta yi mata ƙaranci, saboda haka takan fi ruruwa a duk inda iska ke shigowa. Maƙwabta sun shaida cewa su ne suka fasa kwaɗon ƙofar da guduma kafin motar kwana-kwana ta iso, kuma ana buɗe ƙofar harshen wuta ya yi tsalle ya fito. Wutar ta ɗauki tsawon lokaci tana ci a bakin ƙofa da iska wadatacciya. Zurfin ƙunar da ke wurin labarin iska yake bayarwa, ba labarin mafarin wuta ba. Mun kuma nemo fasasshen kwaɗon muka ajiye, tare da sunayen waɗanda suka fasa shi, domin tambayar farko da mai tantance asara ya yi ita ce ko an tarar da ƙofar a kulle.

Wata shaida ta zo daga inda ba mu zata ba. Wani yaro a gidan da ke bayan shagunan ya ɗauki bidiyo da wayarsa tun kafin jama'a su taru. A ciki ana ganin hayaƙi da jan haske suna fita ta kafar bangon baya. Maigadin layin kuma ya ce lokacin da ya zagayo ta gaba bai ga wuta a ƙofa ba, zafinta kawai ya ji. Irin waɗannan hotuna na mintunan farko suna da daraja ƙwarai, domin suna nuna wutar tun tana ƙarama, kafin ta goge sawunta da kanta. Ya kamata a nemi asalinsu daga wayar da ta ɗauka, saboda wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan lokacin da aka ɗauke shi.

Da jami'in ya shiga ciki, sai ya fara da ginshiƙan kantoci. Na bangon hagu sun tsaya har kusan tsayin kafaɗa. Na bangon dama kuwa suna gajarcewa yayin da ake matsawa baya, har na ƙarshe ya rage bai kai gwiwa ba, kuma kowannensu ya fi cinyewa ta fuskar da ke kallon kusurwar firiza. Ya riƙa soka wani siririn ƙarfe a cikin gawayin kowane ginshiƙi a tsayi ɗaya yana rubuta zurfinsa. Wannan awo yana da amfani wajen kwatanta katako iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Abin da ba ya iya faɗa shi ne tsawon lokacin da wuta ta yi tana ci, domin hakan ya danganta da irin katakon da bushewarsa da yawan iskar da ta same shi.

A bangon baya, bayan firiza, akwai wata alama mai siffar mazurari, ko harafin V, tsininta a ƙasa kimanin taƙi ɗaya daga daɓe, tana buɗewa har silin. Wuta tana hawa sama tana faɗaɗa, shi ya sa take barin wannan zane idan ta ci kusa da bango. A tsakiyar alamar filastar ta yi fari fes, alhali sauran bangon baƙi ƙirin ne. Wanda bai sani ba zai ce nan ne wuta ba ta taɓa ba, nan kuwa zafi ne ya kai matuƙar da ya ƙone baƙin hayaƙin da ya fara mannewa. Sai dai mazurari shi kaɗai ba hujja ba ne. Duk wani abu mai ci da ya faɗo daga kanta ko daga rufi zai iya zana nasa, kuma firiza kanta tana da soso a jikinta mai ci da ƙarfi. Abin da ya ba wannan alama nauyi shi ne ta yi daidai da abin da ginshiƙai da bidiyo da maigadi suka nuna.

Sannan aka fara tono, ba da shebur ba, da cokalin magina da hannu, hawa-hawa, ana ɗaukar hoto kafin a ɗaga kowane abu. Tarkacen gobara yana jeruwa ne bisa tsarin faɗuwarsa: kwano da silin a sama, kayan kanta a tsakiya, abin da ke kan daɓe tun asali a ƙasa. Duk abin da ya riga silin ƙonewa za a same shi a ƙarƙashinsa. Wannan jeri shi ne shebur ɗin samari ya rusa a rabin shagon na gaba. A kusurwar baya, da Allah Ya sa ba su kai ba, an tarar da ragowar soket ɗin jawo wuta mai baki huɗu, a maƙale tsakanin firiza da ragowar kwalayen biskit. Robarsa ta narke, amma ƙarafansa suna nan. Ɗaya daga cikin haƙoran fulogin firiza ya zaizaye ya yi ramuka, sauran kuwa baƙi kawai suka yi. A kan wayar soket ɗin kuma akwai wasu ƙananan ƙwallaye na jan ƙarfe, masu santsi kamar tsakiyar carbi.

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 1,085, abin da gobarar ɗaki ba kasafai take riƙewa ba, saɓanin alminiyam da ke narkewa a digiri 660. Saboda haka ƙwallo mai iyaka tsaf a kan wayar jan ƙarfe, wanda gefensa bai narke ba, yawanci alamar tartsatsin lantarki ne. Jama'ar da ke leƙe suka ce shi ke nan, lantarki ne. Jami'in ya ce a dakata. Gobarar da wani abu dabam ya tayar, idan ta cinye robar waya mai ɗauke da wuta, ita ma tana sa wayoyin su haɗu su yi irin wannan ƙwallo. Abin da ƙwallon ya tabbatar kawai shi ne akwai wuta a wayar lokacin da abin ya faru.

Amma gurbin da aka same shi ya warware rigimar mai shayi. Babbar wayar da ke kawo wuta daga mita ta shiga shagon ne ta saman ƙofa, sannan ta bi bango zuwa baya. Da a ce gobarar daga ƙofa ta fara, da ta fara cin wannan waya ta yanke wutar, da wayoyin baya sun mutu tun kafin zafi ya kai gare su, kuma matacciyar waya ba ta yin tartsatsi. Tun da an ga tartsatsi a can ƙarshen layi, ke nan gobara tana kusurwar baya a lokacin da wayar ƙofa take lafiya. Rahoton da aka rubuta ya ce wutar ta fara a kusurwar baya ta dama, kuma mafi rinjayen dalili shi ne zafi a mahaɗar fulogi da soket wadda ta yi sako-sako. Irin wannan mahaɗa takan yi zafi a hankali na tsawon kwanaki ba tare da fiyus ya tsinke ba, domin wutar da ake ja ba ta wuce ƙima ba, a wuri ɗaya ne kawai take shan wahalar wucewa. Yaya ya tuna cewa ya kwana biyu yana jin ƙauri a wajen, yana gyara zaman fulogin da hannu.

Akwai abu ɗaya da ya kusa jefa Yaya cikin zargi. A tsakiyar daɓe an ga wasu tabo marasa tsari, kamar an zuba ruwa ya malala, kuma akwai warin fetur. Mai tantance asara ya tsaya a kansu ya daɗe. A da, irin wannan tabo da ɓarewar siminti da tsattsagewar gilashi ana ɗaukarsu hujjar cewa an yayyafa mai an cinna wuta. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ɗakin da ya kama baki ɗaya yana barin irin waɗannan tabo ko babu ɗigon mai, narkakkun bokitai da robobi ma suna malala su yi haka, gilashi kuma yakan tsattsage idan ruwan sanyi ya same shi yana da zafi. Littafin jagoran bincike mai suna NFPA 921, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1992, ya yi watsi da yawancin waɗannan tsofaffin alamu. A jihar Texas an zartar wa Cameron Todd Willingham hukuncin kisa a 2004 bisa gobarar 1991 da ta kashe 'ya'yansa mata uku, kuma masana da suka sake duba hujjojin sun ce alamun da aka dogara da su ba su tabbatar da cewa cinna wutar aka yi ba. Abin da ke tabbatar da mai shi ne gwajin ɗakin bincike. Ana ɗibar tarkacen a zuba a sabon gwangwani mai murfi ko kwalba mai tsafta a rufe gam, ba a leda ba, domin tururin fetur yana ratsa leda ya tsere. A namu lamarin an sami narkakkiyar jarkar man janareto a inda Yaya ya ce yana ajiye ta tun a bayaninsa na farko. Da ya ɓoye zancen jarkar, ko da samari sun kwashe ragowarta, da warin ya zama tuhuma.

Inda muka ji ciwon sharar da aka yi shi ne wajen lissafi. Littafin cinikin Yaya ya ƙone a aljihun tebur. A rabin shagon da ba a taɓa ba, mai tantance asara ya ƙirga asara daga tarkacen kansa: gwangwanayen madara da na tumatir ba sa ɓacewa, kwalabe suna nan, gindin kowane buhun shinkafa da sukari ya bar shatinsa a daɓe inda wuta ba ta shiga ba. Ya haɗa wannan da rasit ɗin diloli da bayanan tura kuɗi na banki. Yaya ya lissafa asarar naira miliyan 5 da rabi, aka amince da miliyan 4 da rabi. Miliyan ɗayan da ta zube ta kantocin gaba ce, inda yake jera turare da man shafawa da yake saye da tsabar kuɗi ba rasit. Kwalabensu da murafansu ne kaɗai shaidarsu, su kuwa sun cakuɗe da sharar unguwa a bola, 'yan gwangwan sun tsince abin da suka tsinta. Ban ga laifin mai tantancewa ba, ba ya biyan abin da bai gani ba.

Tsare wuri ba yana nufin a naɗe hannu ba. Kashe ragowar wuta wajibi ne, haka nan rufe rufin da tamfol idan ana tsoron ruwan sama, da kwashe kayan da suka tsira zuwa wuri mai tsaro bayan an ɗauke su hoto a inda suke, an kuma rubuta adadinsu. Kamfanin inshora ma yana sa ran mai kaya ya hana asara ƙaruwa. Abin da ba a yi shi ne shara, da wanke bango, da jona sabuwar waya, da sayar da ƙonannen kaya, kafin hukuma da kamfanin su ba da izini a rubuce. Idan kuwa an yi asarar rai, wurin ya koma hannun 'yan sanda, ko mai shago ba shi da ikon taɓa shi.

Mun ga manyan gobara a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Duk lokacin da irin wannan ta faru, kafin hayaƙi ya lafa za ka ji kowa da dalilinsa a baki, wani ya ce lantarki, wani ya ce maƙiya. Na fahimci ɗan kasuwar da ke son ya share ya sake gini, domin kowace ranar da shago yake rufe iyalinsa ne ke ji a jikinsu. Amma jinkirin da ake nema ga shago ɗaya bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Namu ya ɗauki yini ɗaya da rabi.

Ranar da rahoto ya fito, Yaya da kansa ya taka har gidan mai shayi ya nemi gafararsa a madadin waɗanda suka zage shi, ya kuma sa aka yi masa sabon tebur. Mutumin ya ce da shi: “Alhaji, ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ni dai da an gama sharar nan, da har in mutu ana nuna ni.” Yanzu firizar Yaya tana kan soket nata na bango, kwalaye sun yi nesa da ita, kuma kowane ƙarshen wata yakan ɗauki hoton kantocinsa da shafukan littafin ciniki ya tura wa babban ɗansa. Allah Ya kare mu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda ta shafa da mafificin alheri.